In Ji Wa?

Mu dai a unguwar nan babu malamin da ya kai "an ce" almajirai. An ce za a ƙara kuɗin mai, an ce wane ya rasu. Ka tambayi wanda ya faɗa, sai a dube ka kamar ka zagi dattijo.

Jiya da yamma a majalisa Baba mai goro ya tuno mana da wankan gishiri, muka yi ta dariya, alhali abin ba na dariya ba ne. A watan Yuli 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola. Ba a yi wata guda ba, cikin Agusta, waya ta dinga ƙara da tsakar dare: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Muka tashi kuwa, har da masu digiri.

"Kai Malam, wa ya faɗa maka a daren?" in ji Baba.

"Yayata ce ta kira ni, Baba."

"Ita fa?"

"Maƙwabciyarta. Wai wani likita ne ya faɗa."

To nan gizo ke saƙar. Likitan ba suna, ba asibiti, ba ranar da ya yi maganar. Mutum goma sun kira ka, sai ka ɗauka shaidu goma ne, alhali in ka bi sawun kowannensu, saƙo ɗaya ne ke zagayawa. Da aka tambayi masu hurumin magana, ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya ce gishiri ba ya maganin Ebola. Amma kafin nan an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasu, don gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini.

Abin mamaki, mu ɗin nan ba ma karɓar hadisi sai mun ji wanda ya ruwaito shi. Labarin duniya ne kawai muke haɗiyewa ba tauna.

Ɗan'uwanmu da ke rubuta labarai ya ce shi yanzu ba ya sa "majiya mai tushe" sai in faɗin sunan zai jefa mutum cikin haɗari. Sauran lokuta yakan rubuta sunan mai maganar, muƙaminsa, wurin da ranar, don mai shakka ya je ya duba da kansa. Misali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da Ebola ranar 20 ga Oktoba 2014, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu. Wannan ko maƙiyinka zai iya bincikawa ya tarar da shi haka.

Baba ya ce shi dai har yau matarsa ta yi imani gishirin ne ya tsare gidansu, tunda babu wanda ya kamu. Muka ce Baba, ai a Kano gaba ɗaya ma babu wanda ya kamu, har da waɗanda suka sha barcinsu a daren.