Mutanen da Ke Jiranka Bayan Silaidin "Na Gode"

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa kare aikinsa na digiri ya san minti goma sha biyar na jawabi wasan yara ne. Aikin yana farawa ne lokacin da ya haska silaidin ƙarshe, shugaban zama ya gyara tabarau ya ce, "To, akwai mai tambaya?" Na daɗe ina zama a irin waɗannan ɗakuna, kuma na lura mutane shida ko bakwai ne suke ta zagayowa, sai dai su sauya hula. Wanda ya san su tun daga gida yake rubuta amsoshinsu, ya tanadi silaidin ko-ta-kwana, wato waɗanda ake jerawa bayan na "Na gode", ba a nuna su sai an tambaya.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi da shi. A ce wata ɗaliba ta yi bincike kan manoman wake da buhun PICS, buhun nan mai ruɓi uku da masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje. Idan aka ɗaure bakinsa tam, ƙwarin da ke cikin waken su cinye sauran iskar da ta rage, su mutu ba tare da an zuba magani ba. A ce ta gano masu amfani da buhun sun fi samun kuɗi daga wakensu. Ga waɗanda ke jiran ta.

Na farko shi ne Malam Nawa-ne. Bai saurari gabatarwa ba, bai damu da kammalawa ba, babi na uku kawai ya buɗe tun da ya zauna. Tambayarsa ba ta canzawa: "Mutum nawa kika tambaya, kuma me ya sa su ɗin?" Wannan bawan Allah ya fi kowa sauƙi, amma ya fi kowa kayar da ɗalibai, domin yawancinsu wani ne ya faɗa musu adadin, ko kuma sun kwafo daga aikin ɗan ajin bara. Amsar da ke kwantar masa da hankali jimla uku ce. "Ranka ya daɗe, manoma 2,000 ne a rajistar ƙungiyoyin da na yi aiki da su. Na bi ƙa'idar Yamane da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, ta ba ni 333. Lissafin yana silaidi na 21." Sai ta haska:

```
n = N / (1 + N*e^2)
n = 2000 / (1 + 2000*0.0025) = 333
```

Malam Nawa-ne yana da ƙane, wanda shi kuma jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ne alƙiblarsa. Zai ce me ya sa ba a bi nasa ba. Ɗalibar da ta yi shiri ta riga ta duba: a wancan jadawali mutum 2,000 suna bukatar 322, nata kuwa ya wuce haka. Layi guda a ƙasan wannan silaidin ya wadatar, ƙanen ya koma ya jingina.

Na biyu Sarkin Barci. Tun silaidi na uku sanyin fanka ya ɗauke shi, tafin da aka yi ne ya tashe shi, kuma don kada a ce bai halarci zaman ba sai ya ɗaga hannu. Abin da zai tambaya an yi bayaninsa dalla-dalla a silaidi na 9. Jarrabawar da ke nan ta ladabi ce. Ɗalibin da ya ce "kamar yadda na faɗa ɗazu" ya tona asirin babba a gaban jama'a, kuma babban yana riƙe da biro. Abin yi shi ne a maimaita amsar a taƙaice kamar yau aka fara jin tambayar, a koma silaidin kai tsaye. A PowerPoint, yayin da ake nuni, idan ka danna lambar silaidi ka bi ta da `Enter`, nan take yake kai ka. Wanda bai san haka ba shi ne za ka ga yana ta danna kibiya baya, silaidi suna wucewa fuu kamar motocin da ke gudun 'yan haraji, har Sarkin Barci ya sake lumshe ido.

Sai Mai Huɗuba. Shi ba tambaya ya zo da ita ba. Zai fara da cewa, "Ɗan tsokaci ne kawai," daga nan ya kai ku shekarar da ya yi nasa digirin, da yadda ake ajiye wake cikin toka a garinsu, da lalacewar ɗaliban zamani. Minti shida. Babu silaidin da ke maganinsa, kuma kada a nema. A riƙa rubutu a takarda, ko da sunan unguwarku kake rubutawa, in ya sauka a ce, "Na gode, Farfesa, zan ƙara batun ajiyar gargajiya a babi na biyu." Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauka dole sai ya mayar da martani daidai tsawon huɗubar.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Ba-ka-ambace-ni-ba. Zai ce, cikin murya mai sanyi, akwai wani aiki da aka yi kan wannan batu wanda bai gani a jerin manazarta ba. Aikin nasa ne. Maganinsa kafin ranar ake sha: a nemi sunayen waɗanda za su zauna, a duba abin da suka wallafa, a karanta wanda ya shafi batun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga wanda ya cancanci a zauna a kansa, mutumin da nake kira Mai Allura. Yawanci mai jarrabawa na waje ne, ko wata malama mai shiru-shiru a ƙarshen teburi. Ba ta ɗaga murya. Za ta ce, "Kin ce masu buhun sun fi samun kuɗi. Buhun ne ya ba su kuɗin, ko dama masu kuɗin ne ke iya sayen buhun?" Ɗaki ya yi tsit, har Mai Huɗuba ya daina duba waya.

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma kowane aiki yana da irinta guda ɗaya: wurin da ginin ya fi rauni. Ɗalibi ya fi kowa sanin wurin, shi ya sa yake kauce masa a jawabi, yana addu'ar kada a gani. Ana gani. Binciken da aka yi da takardar tambayoyi a lokaci guda yana iya nuna abu biyu suna tafiya tare, amma ba ya tabbatar da wanne ya haifi wanne. Manomin da ke da gona babba yana da halin sayen buhu, kuma yana da halin riƙe wakensa har farashi ya tashi bayan kaka, alhali ƙaramin manomi bashi ya tilasta masa sayarwa tun wake na ɗanye. Saboda haka amsar ba musu ba ce. "Gaskiyarki, ranki ya daɗe, tsarin bincikena ba zai iya raba su gaba ɗaya ba. Abin da na yi shi ne na kasa manoman gida uku bisa girman gona, na kwatanta masu buhu da marasa buhu a cikin kowane gida. Yana silaidi na 24." Idan bambancin ya tsaya a cikin kowane gida, hujjarta ta ƙara ƙarfi. Idan ya ɓace a wajen ƙananan manoma, ta faɗa da bakinta kafin a faɗa mata. Ko ta wane hali, wannan jadawalin aikin mako guda ne kafin ranar, ba abin da ake ƙagowa a tsaye ba, kuma silaidin nan ɗaya ya fi sauran na ajiyar duka daraja. Na ga Mai Allura ta yi murmushi sau biyu ko uku a rayuwata, duk a kan irin wannan amsa.

Akwai kuma Mai Ƙunshi, wanda ke cewa tambayarsa ɗaya ce amma tana da rassa huɗu. A rubuta su yayin da yake magana, a amsa wadda aka fi ƙarfi a kanta da farko. Sau da yawa kafin a kai ta uku shi ma ya manta. Mai Waƙafi kuwa, da ya gano an rubuta shekara ba daidai ba a shafi na 47, a ce masa an gode za a gyara, a wuce.

Adalci ne a juyo da madubin wajen masu amsawa, don su ma iri-iri ne. Akwai Ɗan Dogon Zango, wanda aka yi wa tambayar e ko a'a ya fara daga tarihin noman wake. Yana cikin zuba sai ya ambaci wani gwaji da ya yi bai fito da kyau ba, abin da ba wanda ya tambaye shi, nan take hannaye uku suka tashi. Baki shi ke yanka wuya. Amsa mai kyau ba ta wuce rabin minti: jimlar farko ita ce amsar kanta, ta biyu dalili, ta uku lambar silaidi in akwai. Wanda yake son ƙari zai nema. Kuma a gwada faɗin ta da baki, a sa abokin karatu ya zama Mai Allura na dare ɗaya, domin amsar da ta yi kyau a takarda kan harɗe a harshe.

Akwai Mai Rumbu, wanda ya ji an ce silaidin ajiya na da amfani ya tara sittin. An tambaye shi, ya ce "Ina da shi, ina da shi," ya shiga laluben rumbu, hoton bikin ƙanwarsa ma ya gifta a allo. Takwas zuwa goma sun isa, kowanne tambaya ɗaya yake amsawa, kansa kuma a rubuta shi da amsar, a bar rubutun manya yadda na bayan ɗaki zai gani. Jadawalin da aka kwaso ɗungurungum daga SPSS, mai layi talatin, ba ya amsa komai. A cire layuka uku da ake magana a kansu. Sannan a rubuta jerin a ƙaramar takarda a ajiye gefen kwamfuta: adadi 21, takardar tambayoyi 22, taswira 23, girman gona 24.

Ni kaina ina cikin wani rukuni, na masu gyaran dare. Ranar nawa zaman, da misalin ƙarfe ɗaya na dare na ga ya dace in ƙara silaidi ɗaya a tsakiya. Ban tuna cewa duk lambobin da ke bayansa sun matsa gaba da ɗaya ba. Da Malam Nawa-ne ya yi tambayarsa, na danna lambata da ƙarfin gwiwa, sai ga "Na gode" ɓaro-ɓaro a allo. Wani daga baya ya ce, "Mu ma mun gode." Ban gama farfaɗowa ba aka ɗauke wuta, majigi ya mutu. Abin da ya cece ni shi ne mai duba aikina ya matsa mini tun farko in buga silaidin ajiyar a takarda, kwafi biyar, ina ta ƙunƙunin kuɗin bugawa. Su na raba.

Kai da ke da zama a wannan zango, ka rufe fayil ɗin tun jajibiri, ka sake duba lambobin da ke takardarka ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tafi da kwafin takarda.