Ina So in Je Umara, Nawa Ne?

Akwai wata tambaya da nake ganin ta cancanci a ba ta sarauta a cikin tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi. Mutum ne zai shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye, ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali da gajiya, ya gyara zaman babbar riga, sannan ya ce, "Alhaji, Umara nake son zuwa, nawa ne?" Shi ke nan. Bai ce yaushe ba, bai ce daga ina zai tashi ba, bai ce ga abin da ke aljihunsa ba. Kamar ka je Kantin Kwari ka ce "nawa ne yadi?" ba ka nuna shadda ba, ba ka nuna atamfa ba. Shi kuma ejan, da yake ba ya son ciniki ya kuɓuce masa, sai ya dubi silin kamar a can farashin yake rubuce, ya faɗi wani adadi. Daga wannan adadin ne rigimar wata uku take tsirowa. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, waɗannan abubuwa uku da aka ɓoye ba nauyinsu ɗaya ba. Lokaci ne babban yaya, wurin tashi yana bi masa, shi kuwa kuɗi, wanda kowa ya ɗauka shi ne uban gayya, auta ne.

Lokaci shi kaɗai ne a cikinsu yake iya mayar da amsar daga "kaza ne" zuwa "babu". Ibadar Umara ana yin ta a duk tsawon shekara, amma bizarta ba haka take ba. Idan aikin Hajji ya ƙarato, hukumomin Saudiyya sukan rufe ƙofa: a 2025 sun sa 13 ga Afrilu ta zama ranar ƙarshe ta shigar masu Umara, 29 ga Afrilu kuma, wato 1 ga Zulƙida, ranar da kowa zai tattara ya fita. Wanda ya yi tambayarsa yana nufin makon da ya biyo bayan wannan, ko buhun kuɗi ya ɗauko, amsarsa ita ce ya koma gida ya jira bayan Babbar Sallah. Wanda kuma a ransa goman ƙarshe na azumi yake nufi, ya zaɓi kwanakin da duniya duka take son kwana a kusa da Harami, kuma ɗakunan da ke wurin ba sa haihuwa. Ɗakin da ake roƙon mutum ya shiga a watan Safar, shi ne a daren 27 ga Ramadan ake masa kallon gadon sarauta. Saboda haka idan ejan ya amsa da farashin Safar, mai tambaya ya ji da kunnen Ramadan, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma sai an kira dattawa.

Wani zai ce ai cewa "lokacin azumi" ma faɗin lokaci ne. Wannan rabin magana ce. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara idan aka gwada ta da ta Bature. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a tsakiyar Fabrairu. Jirgi da otal da ranar Bature suke aiki, yanayi ma haka. Wanda ya je a Janairu zai yi ɗawafi cikin iska mai daɗi, wanda ya je a Yuli zai gane cewa zafin Sakkwato ƙanin wani ne. Ba abin wasa ba ne: a Hajjin Yunin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, kuma hukumomin ƙasar da kansu sun ce sama da mutum 1,300 ne suka rasu. Idan tsohuwa za a kai, wata ne yake faɗin ko za a nemi masauki a bakin Harami da keken turawa, ko za ta iya takowa daga Misfala. Ta ɓangarenmu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin Kano har jirgi ya kasa sauka, mutum ya yi bankwana da dangi da kuka, ya dawo da yamma ya tarar an riga an raba tuwonsa. Har fasfo lokaci ne yake hukunta shi, domin ana son ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Fasfon da yake da rai a tafiyar Rajab yana iya zama gawa a tafiyar Ramadan.

To, ina kuɗi? A nan ne masu ja da ni suka fi yawa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: mai kuɗi ba ya tambayar farashi, marar kuɗi kuma ko an faɗa masa ba zuwa zai yi ba, don haka aljihu ne alƙali. Amsata ita ce, shi kansa kuɗin ba shi da ma'ana sai an ɗaura masa kwanan wata. Mu yi lissafi na misali. A ce ɗaki riyal 400 ne a dare, za a kwana 10, ya zama riyal 4,000. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka wannan kusan dala 1,067 ne, jiya da yau da gobe. Naira ce ba ta zama wuri ɗaya. A farkon 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460 a dala, ɗakin ya kama kusan naira 490,000. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, ɗakin nan dai, da gadonsa da tawul ɗinsa, ya koma naira miliyan 1.6. Mutumin da ya ce "miliyan biyu na tanada" bai faɗi komai ba tukuna, sai ya ce ta wace shekara. Shi ya sa farashin da aka ba ka da baki ba tare da ranar tafiya ba yake da tsawon ran ƙanƙara a hannun yaro.

Abin da kuɗi yake yi shi ne zaɓe a cikin amsoshin da lokaci ya riga ya bari. Wancan ɗaki na miliyan 1.6, idan mutum huɗu suka raba shi, kowa naira 400,000 zai biya, ya samu munsharin mutum uku kyauta. Idan ya yi nauyi a matsa Aziziyya, a riƙa shiga bas. Idan kwana 14 sun yi yawa a mayar da su 10. Duk wannan dattawan ciniki suna iya sasanta shi a zama ɗaya. Amma babu ragin da zai buɗe bizar da aka rufe.

Wurin tashi shi ne wanda ake rainawa, domin mai tambaya yana ganin ai ga shi a zaune, daga ina kuma zai tashi? Sai dai yanzu rabin tambayoyin ta waya suke zuwa, kuma Hausar mutumin Kumasi da ta mutumin Gusau duk "nawa ne" suke cewa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, idan an dace da jirgin da zai miƙe Jidda, tafiyar awa 5 ce ko ƙasa da haka. Idan ta Alƙahira ko Adis Ababa za a bi, sai a ƙara zaman jira, wani lokaci na dare guda a kan kujerar ƙarfe. Ɗan Maraɗi kuwa lissafinsa daban ne tun daga tushe: Kano ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, amma tsakaninsa da Kano akwai iyaka, kuma an ga yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kuɗinsa ma sefa ce, wadda take ɗaure da yuro, don haka faɗuwar da ta sa ɗan Katsina hawan jini shi ko a jikinsa. Garuruwa biyu da mota take haɗawa kafin shayi ya huce sosai, amma amsa biyu.

Akwai ma inda hanyar take shiga cikin ibadar kanta, kuma nan ne abin dariyar yake komawa abin tausayi. Wanda jirginsa zai sauka Madina yana da sarari: zai yi ziyara, ya huta, ya ɗaura harami a Zul Hulaifa, sannan ya kama hanyar Makka mai kusan kilomita 450, ko a mota ko a jirgin ƙasan Haramaini. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye kuwa, a sama zai ratsa daidai miƙati, don haka yawancin malamai suna cewa ya ɗaura haraminsa kafin nan. Ka ɗauki bawan Allahn da bai tambayi ta ina za a bi ba, ya ninke haraminsa da kyau ya sa a ƙasan babbar jaka, jakar kuma tana cikin cikin jirgi. Ana sanar da cewa an kusa miƙati, kowa ya yi fari fat yana talbiyya, shi kaɗai yana zaune cikin shadda mai aiki da hula zanna, yana lissafin ko ya koma miƙati ko ya sayi rago. Ragon nan ba ya cikin adadin da ejan ya karanto daga silin.

Saura hujja biyu da ake kare shirun da su. Ta farko ta tsoron Allah ce: wa ya san gobe, balle ya yanka rana? Gaskiya ne, amma "in sha Allahu" ana jingina ta ne da wani abu. Manomi yana cewa in Allah ya kai mu damina, bai taɓa cewa in Allah ya kai mu wani lokaci ba. Ka ce "in sha Allahu makon farko na Rajab", ka ba Allah nasa, ka ba ejan nasa. Ta biyu ta kasuwa ce, kuma ita na fi tausaya wa: duk wanda ya taɓa sayen rago ana jibi Sallah ya san cewa idan ka faɗi abin da ke aljihunka, farashi yakan yi tsalle ya zauna daidai kansa. Na yarda, kuma wannan ma yana cikin dalilin da na sa kuɗi a ƙarshe. Riƙe sirrin aljihunka. Faɗi wata da mako, faɗi garin da za ka tashi da fasfon ƙasar da kake riƙe da shi, faɗi ku nawa ne da kwana nawa, ka ce a ba ka farashi uku a rubuce: na bakin Harami, na tafiyar ƙafa, da na shiga bas, kowanne da ranar da zai daina aiki. Ka kai wa ejan biyu ko uku wannan tambayar. Aljihun da ka ɓoye zai yi zaɓinsa a gida, bayan sallar isha, inda babu mai ganin fuskarka sai uwargida, wadda ita ma, da ka tambaye ta tun farko, za ta gaya maka cewa ba kai kaɗai za ka tafi ba, a sake lissafin da mutum biyu.