Ɗaya Bisa Ashirin da Huɗun Alhaji

Tun da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, mu masu koyar da lesin a gidajen mutane ba mu da lokacin tashi daga aiki. Kana tsakiyar cin tuwo sai hoto ya faɗo ta WhatsApp: shafin littafi a karkace, inuwar kan yaro ta rufe rabinsa, a ƙasa an rubuta, "Malam a duba." Babu sallama, babu ina wuni.

Irin wannan hoton Auta ya turo mini wani dare bayan isha'i, ta wayar mahaifinsa. Auta ɗan aji shida ne na firamare, yaro mai kaifin kai amma mai gaggawa, ko alwala a guje yake yi. A saman shafin akwai tambaya: 2/3 + 1/6 + 1/8. A ƙasanta wata: "Saura nawa?" Auta ya amsa ta farko da 4/17, ta biyu da 13/17, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kowace, alamar ya gama magana.

Kafin na ce komai sai da na sa ya sake ɗaukar hoton, domin wani ɗigon manja ya sauka daidai kan lambar ƙarshe, ban iya bambance 8 ce ko 3 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In 3 ce, jimillar za ta zama 7/6, ta haura ɗaya, kuma "saura nawa" ta zama tambayar wanda ake bi bashi. Hoto na biyu ya zo da babban yatsansa a gefe, amma 8 ta fito. Na kuma lura rubutun tambayar ya fi na Auta kyau, da jan biro, na ce a raina sun yi sabon malami.

Na wanke hannu na rubuta masa 'yar takarda, kamar yadda na saba:

"Auta, sannu da ƙoƙari. Na ga abin da ka yi: ka haɗa na sama, 2 da 1 da 1, ka sami 4, ka haɗa na ƙasa, 3 da 6 da 8, ka sami 17. Kafin mu gyara, dubi amsarka da kyau. Ka fara da 2/3, wanda ya fi rabi, ka ƙara masa abu biyu, sai ka ƙare da 4/17, wanda ko kwata bai kai ba, tunda kwata 4/16 ne. Ana ƙara wa abu ya ragu? Duk ranar da amsar tarawa ta gaza abin da ka fara da shi, tsaya, akwai matsala.

"Lambar ƙasa ba adadi ba ce da za ka tara. Girman yanka take faɗa maka. Gurasar da aka yanka gida uku yankanta manya ne, wadda aka yanka gida takwas ƙanana ne, ba za ka ƙirga su tare ba sai ka mai da su girma ɗaya.

"Mataki na farko: nemo lambar da 3 da 6 da 8 duk za su raba ba saura, abin da littafinku ke kira LCM. Fara da babbar. 8, uku ba ta raba ta. 16, ba ta raba ta. 24, uku ta raba, shida ta raba. Mun samu.

"Na biyu: mai da kowanne bisa 24. Uku sau nawa ne 24? Sau 8. To ninka sama da ƙasa da 8, 2/3 ya zama 16/24. Shida sau 4, don haka 1/6 ya zama 4/24. Takwas sau 3, 1/8 ya zama 3/24.

"Na uku: yanzu tara na sama kaɗai, na ƙasa ya zauna inda yake. 16 + 4 + 3 = 23. Amsa 23/24.

"Na huɗu: abu cikakke 24/24 ne. Cire 23/24, saura 1/24. Ka sake yi da hannunka ka turo."

Na karanta ta sau ɗaya, ta yi mini daɗi. Akwai takardun da malami ke rubutawa yana jin da ma a buga su a littafi. Na tura, alamar nan biyu ta zama shuɗiya nan take, na koma kan tuwona.

Ban kai loma ta uku ba waya ta yi ƙara. Alhaji ne da kansa, mahaifin Auta, mutumin da ko ranar biyan kuɗin lesin yaron shagonsa yake aikowa.

"Malam, wannan abin da ka turo, ka tabbata?"

"Na tabbata, Alhaji."

"Domin yaron nan ya yi lissafinsa a gabana. Na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ni ban ga inda ya karkace ba. Tsaf ya yi shi."

Na ji daɗi ƙwarai. Shekara da shekaru ina kukan iyaye ba sa duba littattafan 'ya'yansu, ga uba ya tsaya kan aikin gida da ƙarfe tara na dare. Na gyara murya na fara daga gurasa. Ya katse ni.

"Bar gurasa, Malam. Daga 13 bisa 17 zuwa ɗaya bisa 24, ai faɗuwar ta yi yawa. Babu wata hanya? Ku 'yan boko ai kuna da hanyoyi."

Na ce akwai. Yana iya ninka 3 da 6 da 8 ya sami 144, ya yi komai bisa 144, zai sami 138/144.

"Yauwa! Saura nawa?"

"Shida bisa 144."

"To ka gani, shida. Ya fara gyaruwa."

"In ka rage shi, Alhaji, ɗaya bisa 24 ne dai."

Ya yi shiru har na ɗauka katinsa ne ya ƙare. Sannan ya ce in zo gida gobe da safe, kar in karya, za a dama kunu.

A zaure na same shi, da littafin Auta a cinyarsa da jan biro a aljihun gaba. Ina ganin biron na gane sabon malamin. Yayansa ne ya rasu watannin baya, Allah ya ji ƙansa, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da mahaifiyar su Alhaji, Hajiya Babba, ba ɗa namiji, mahaifin su Alhaji kuwa ya daɗe da rasuwa. An biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya rage naira miliyan 4 da dubu 800. Limamin unguwa ya faɗa musu a tsaye bayan sallar asuba: 'ya'ya mata sulusi biyu, uwa sudusi, mata sumuni, abin da ya saura na ɗan'uwa. Alhaji ya ji kunyar tambayar liman ko nawa ne "abin da ya saura", kada a ce ya ƙosa. Sai ya dawo gida ya rubuta wa Auta a matsayin aikin makaranta.

Auta kuwa ya ba shi 13/17. Alhaji ya danna a kalkuletar shago, ta nuna masa miliyan 3 da dubu 670 da 'yan kai. Ya rantse mini bai gaya wa kowa ba. Daga baya na ji ya je ya zauna cikin wata mota a wajen dillalai, har ya tambayi ko na'urar sanyinta na aiki.

Na ce, "Alhaji, ba ni aron biron." Da ɗan kasuwa kake magana, ka bar bisa, ka kama naira. Na raba kuɗin gida 24, kowane gida dubu 200. 'Ya'ya mata gida 16, miliyan 3 da dubu 200, kowacce miliyan 1 da dubu 600. Hajiya Babba gida 4, dubu 800. Matar marigayi gida 3, dubu 600. Ya bi da yatsa yana tarawa, ya fi ni sauri: miliyan 4 da dubu 600.

"Saura ɗari biyu," ya faɗa a hankali.

Na nuna masa kuma cewa a lissafin Auta, matan nan huɗu gaba ɗaya miliyan 1 da dubu 130 ma ba za su cika ba, alhali rabon 'ya ɗaya kaɗai ya wuce haka. Nan ya yi salati ya ture littafin. Alhaji ba mai cin haƙƙin marayu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne da ɗansa ya yi wa albishir da miliyan uku, ya kwana da su. Na ce masa ko malaman gado da wannan 24 ɗin suke aiki, suna ce mata asalin mas'ala, kuma duk inda sumuni ya haɗu da sudusi ko sulusi biyu, a kanta ake sauka. Na ƙara da cewa ni malamin lissafi ne, hukuncin wa ya ci wa bai ci ba na liman ne da alƙali.

Ana cikin haka sai ga sallama daga ƙofar gida. Wata mata ce da jakar tafiya, ta zo daga Gusau, Auta ya ruga yana "Gwaggo oyoyo!" Na tambayi Alhaji, cikin ladabi, ko ita wace ce.

"Ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Liman ya san da ita?"

Ya dube ni irin duban da ban taɓa samu daga mai biya na albashi ba. Kunun da aka yi alkawari bai fito ba.

Da daddare wani hoton ya faɗo, da jan biro. An koma wajen liman, ya ce sauran na su biyu ne, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Tambayar ita ce 2/3 × 1/24. Auta ya ninka na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sami 2/72, ya ja layi biyu. Na rubuta masa: "Daidai ne. Rage shi, raba sama da ƙasa da 2, ya zama 1/36. A ninkawa haka ake yi, domin kana yanka yankan ne: kowane gida cikin 24 ka sake raba shi uku, gidaje sun zama 72, ka ɗauki biyu."

Waya ta yi ƙara.

"Malam, jiya yaro ya yi na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ka ce kuskure ne, na yi asarar miliyan uku. Yau ya yi na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ka ce daidai ne, na yi asarar dubu sittin da shida. Wai kai a ɓangaren wa kake?"

Na ce jiya tarawa ce, yau ninkawa. Ya ce ya ji. Ya tambaye ni ko ina da lambar wani malamin lesin, ba don komai ba, yana son a sake duba masa ne kawai.