Yadda Ake Rubuta Rahoton Tangarɗa Don Kada A Taɓa Gyara Ta

Malam mai gwajin manhaja, ka sani tangarɗar da aka gyara ta fita daga hannunka, wadda ba a gyara ba kuwa ita ce ke sa a riƙa nemanka a ofis. Saboda haka kada ka yi garaje. Fam ɗin rahoto, ko a Jira ko a GitHub, yakan nemi abubuwa huɗu: matakan da ka bi, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru, da lambar ginin da ka gwada. Kowannensu akwai hanyar lalata shi cikin mutunci.

Mu ɗauka an ba ka manhajar waya ta rajistar ɗalibai. Ka rubuta Ɗanladi a gurbin suna, ka adana, daga baya ka ga ta koma `?anladi`. Kan rahotonka ya zama "Manhaja ba ta aiki". Gajere ne, ga kwarjini, kuma duk wanda ya zo neman rahoto a kan suna ba zai taɓa cin karo da shi ba, sai ya rubuta nasa, a samu biyu. Kan da ya ce "Harafin Ɗ a gurbin suna yana komawa alamar tambaya bayan an sake shiga" tonon asiri ne, tun daga nan injiniya ya fara shinshino inda ɓarnar take.

A wajen matakai ake gane gwani. Abin da ka yi a zahiri shi ne: ka buɗe sabon asusu, ka rubuta sunan da allon rubutu na Hausa, ka danna `Save`, ka fita daga asusun, ka sake shiga, sannan ka duba shafin bayanan ɗalibi. Kai kuwa rubuta "Na sa suna ya lalace". Idan shugabanka mai sa ido ne ya dage sai ka jera matakai, to jera su duka, ka cire fita da sake shiga kawai. Dalilin shi ne, da zarar an adana, manhajar tana nuna sunan da ke riƙe a cikin wayar ne, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Sai an sake shiga take ɗauko wanda ke ajiye a rumbun bayanai, wanda shi ne gurgun. Injiniya zai bi matakanka tiryan-tiryan, ya ga Ɗanladi garau da lanƙwasarsa, ya rufe rahoton da `Cannot Reproduce`. Kai kuma ka sake buɗewa ka rubuta "Har yanzu dai". Ana iya cinye mako guda a haka ba wanda ya yi ƙarya.

Kada kuma ka faɗi sunan da ka gwada. Ka bar shi ya gwada da Musa ko Amina, waɗanda ba su da ƙ, ɗ ko ɓ, ya yi ta mamakin abin da ke damunka.

Gurbin abin da ya faru ya fi kowanne haɗari, domin nan ne gaskiya ke iya kuɓuce maka. Sunan nan yana iya lalacewa ta fuska uku, kuma kowace fuska tana nuna mai laifinta. Idan ya fito `?anladi`, an yi asarar harafin, galibi tun wajen ajiya: misali gurbin da ke rumbun MySQL an saita shi a `latin1`, tsarin da bai san Ɗ ba, sai ya maye shi da alamar tambaya. Wannan ko an gyara saitin, sunayen da suka riga suka lalace ba za su dawo da kansu ba. Idan ya fito `ÆŠanladi`, harafin yana nan da ransa. A tsarin UTF-8 ana ajiye Ɗ da bayit biyu, `C6` da `8A`, sai wani sashe ya karanta su da tsarin Windows-1252, ya mai da kowanne harafi mai zaman kansa. Idan kuwa ɗan akwati ne fanko ya tsaya a mazaunin harafin, bayanan lafiya lau suke, salon rubutun da aka zaɓa wa manhajar ne ba shi da zanen Ɗ. Na farko aikin mai kula da rumbu ne, na biyu na mai haɗa manhaja da saba, na uku na mai tsara fuskar manhaja.

Ka ga ke nan idan ka kwafo `?anladi` yadda yake, mutum ɗaya kawai za a tasa. Idan ka rubuta "sunan ya zama wani iri", su ukun za su kwana suna tuhumar juna. In an matsa sai ka kawo hoto, kada ka ɗauki hoton allo. Ari wayar abokin zamanka ka ɗauki taka daga nesa, fitila tana haska gilashin.

Abin da ya kamata ya faru kuwa, bar gurbin fanko, ai kowa ya sani. Injiniyan da bai taɓa rubuta Hausa ba zai yi maka gyara mai sauƙi: ya sa manhajar ta riƙa sauya Ɗ zuwa D. Alamar tambaya ta tafi, kowane Ɗanladi ya zama Danladi, takardar shaidarsa ta saɓa da sunansa, an kuma rubuta `Fixed`. Jimla ɗaya ce za ta hana wannan, wato "Sunan ya dawo Ɗanladi, harafi da harafi yadda aka shigar". Riƙe ta a cikinka har sai gyaran ya isa hannun jama'a.

Saura lambar gini. Amsar da magabata suka gada ita ce "na ƙarshe". Kyanta shi ne tana sauya ma'ana kullum: na ƙarshe ranar Litinin ba shi ne na ƙarshe ranar Laraba ba, balle a kamfanin da ke fitar da gini sau uku kafin azahar. Idan an ƙi karɓa, ba da rabi, ka ce 2.4.1. A Android lambobi biyu ne, `versionName` da mutane ke gani da `versionCode` da ake ƙarawa idan an fitar da sabon gini, kuma gini da yawa kan iya zama ƙarƙashin 2.4.1 ɗaya. Mai neman ɓata maka shiri zai nuna maka wannan umarni, wanda ke fito da su biyun, ka yi kamar ba ka gani ba:

```
adb shell dumpsys package com.misali.rajista | grep version
```

Abin da ake ɓoyewa a nan babba ne. Da ka ce sunan yana fita daidai a gini na 317, ya lalace a 318, injiniya zai duba sauye-sauyen da suka shiga tsakanin biyun kawai, wataƙila guda biyar, ya kama mai laifi kafin shayinsa ya huce. Ba lamba kuwa, sai ya tono aikin wata shida. Akwai kuma garaɓasa: idan an gyara a 319, kai ci gaba da gwada 318 da ke wayarka, ka sake buɗe rahoton da manyan baƙaƙe. Haka nan kada ka ambaci ko sabar gwaji ka shiga ko ta jama'a, domin sau da yawa saitin rumbunsu ya bambanta, kuma wataƙila ɗaya ce kawai ke kan `latin1`.

Daga nan sai ka zaɓi matsayin tsanani mafi girma, `Blocker`, kamar yadda ka yi wa rahoton maɓallin da launinsa bai yi maka ba. Ka aika ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci, ka sa shugaban kamfani a kwafi, ka kashe waya. Idan injiniya ya tare ka ranar Litinin da "Don Allah Malam, wane gini ne?", ka ce masa ka riga ka goge manhajar saboda wayarka ta cika.