Allah Ya Ƙara Basira, Gwanin Taƙaitawa

Cikin ni'imomin da zamani ya kawo mana a Achilafiya, ban ga wadda ta kai samun yaran da ke kalle mana bidiyo su tace mana shi ba. A da, in mutum zai sayi waya sai ya wahalar da kansa: ya tambayi wanda ya riƙe irinta shekara guda, ya leƙa wurin mai gyara a Kazaure ya ji wace ce aka fi kawo masa a mace, sannan ya hau mota zuwa Fam Santa a Kano ya taya da bakinsa. Yanzu duk an hutar da mu. Ka samu gwani a rumfar caji, ka saya masa data, ya shiga YouTube da TikTok ya kalli masu buɗe kwali, ya ja maka layi uku a takarda: fa'ida, aibu, farashi. Aikin da kan ci mako ya ƙare kafin shayinka ya huce. Wane ne zai ƙi wannan in ba mai baƙin ciki da ci gaba ba?

Mu ɗauki misali ɗaya don mu ga gwanintar a kusa. A ce a watan Fabrairun 2024 wani dattijo ya sayar da riɗinsa, yana son waya mai kyau don ya riƙa jin farashin amfanin gona yana kuma gaisawa da ɗansa da ke ci-rani. Wayoyi biyu aka ambata masa. Gwani ya duƙufa, ya ɗago ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Bidiyo biyar na kalla, kuma dukansu bakinsu ɗaya: ta farkon ta fi."

Shaidu biyar! Ko alƙali ai biyu yake nema. Kada wani mai tsaurin ido ya tambayi daga ina biyar ɗin suka samo wayar. Sanannen abu ne cewa kamfanoni kan aika wa masu sharhi sabuwar waya kyauta, tare da takardar bayaninta, a sa musu ranar da za su saki bidiyo. Shi ya sa biyar ɗin kan fito cikin mako ɗaya, suna jera lambobi iri ɗaya, wani lokacin har da kalmomi iri ɗaya. Wanda aka biya, in mai gaskiya ne, YouTube kan nuna rubutun "Includes paid promotion" a farkon bidiyonsa na ɗan lokaci, wani kuma a baki yake gode wa kamfanin da ya turo masa. Gwaninmu, saboda tsananin tausayin Baba, ya share wannan duka. Me zai sa a cika wa tsoho kai da zancen cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski? A karar Maigatari ba wanda zai sayi sa don dillalai biyar masu jiran la'ada daga hannun mai sa ɗaya sun rantse masa cewa lafiyayye ne, amma waya ai ba sa ba ce, kayan ilimi ce, sai a yarda kawai.

Layin fa'ida shi ne inda basirar ta fi fitowa. Gwani ya rubuta: RAM 16GB, caji mai sauri, batir yana kwana biyu. Kalmomi kaɗan, ma'ana mai yawa, kuma kowace an yi mata kaciya yadda ya kamata.

A jikin kwalin, da ƙananan haruffa, an rubuta 8GB+8GB. Takwas ta farko ita ce ƙwaƙwalwar aiki ta gaske, wadda wayar ke juya manhajoji a cikinta. Takwas ta biyu aro ce: ana yanko ta daga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, kuma ma'ajiya ba ta kusa da ƙwaƙwalwar aiki a sauri. Amfaninta bai wuce riƙe manhajar da aka bari a baya don kada ta rufe ba. Ɗaya daga cikin masu sharhin ma ya faɗi haka a minti na bakwai, amma gwani ya san lissafi, takwas da takwas sha shida ne, sai ya ba wa ta farkon maki a kan ta biyun da aka rubuta mata 8GB tsura. Wayoyi biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya, ga shi takarda ta ninka wa ɗaya. Wannan ai karama ce.

Caji mai sauri kuwa gaskiya ne, ba wanda ya yi ƙarya. Batir mai 5,000 mAh yana ɗaukar wutar da ta kai kimanin 19Wh. Da cajarta ta cikin kwali mai 33W, awa ɗaya da 'yan mintuna ya ishe ta. Sai dai Baba ba a bangon ɗakinsa zai soka ta ba. Rumfar caji zai kai, inda aka jera kawunan caja a kan katako, a manna wa wayarsa lamba, a soka mata wadda ta samu. In ta faɗa kan mai 5W, raba 19 da 5: kusan awa huɗu ke nan, a aikace kuma har da ɗoriya, domin wani kaso na wutar zafi yake zama. Sharaɗin saurin shi ne a haɗa wayar da cajarta da wayar cajin da ta dace. Gwani da kansa a rumfar yake zaune, yana kallon katakon, amma ladabi ya hana shi saka sharaɗi a cikin takardar da aka ce ta zama gajeriya.

Batir mai kwana biyu shi ma an gwada, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a kan Wi-Fi, da hasken fuskar waya a rabi. A gona, inda sandar sabis ke tsalle tsakanin ɗaya da biyu, waya ƙara ƙarfin aikawa take yi don ta riƙe turken sadarwa, kuma daga batir take ɗiba. A tsakar rana dole a ƙure haske kafin a ga rubutu. Ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a inuwa, alhali irin wannan batir ba a son a yi masa caji in zafinsa ya wuce 45. A ƙarƙashin rufin kwano wayar kan rage saurin cajin da kanta, in kuma aka daɗe ana gasa ta batirin ya tsufa da wuri. Ba laifin mai sharhi ba ne, shi ya nuna ɗakinsa kowa ya gani. Gwani ne ya yi mana alherin ɗauke ɗakin ya bar mana kwana biyun.

Layin aibu ba ya ɗaukar lokaci. Ba ta caji ba tare da igiya ba. Ba ta ɗaukar bidiyon 4K. Wasannin yaƙi masu nauyi suna ɗan sarƙewa. Baba ya gyaɗa kai, ya gode wa Allah da ba ɗaya a ciki da ya shafe shi. Abin da zai shafe shi ba ya cikin takarda: ko ramin caji yana saki in ƙurar hunturu ta cika shi, ko lasifikarta na jure sati-sati na karatu da wa'azi, ko akwai gilashinta a Kazaure in ta faɗi, kuma nawa ne. Mai sharhi ya riƙe wayar kwana uku ko bakwai, irin waɗannan kuwa sai bayan wata shida suke bayyana. Da gwani ƙaramin gwani ne da ya rubuta "ba a gwada ba". Amma babban gwani ba ya barin gurbi, shiru yake yi, mai karatu ya ɗauka babu aibin.

Sai farashi, kuma a nan ne ya kamata a ba shi lambar yabo. Ya rubuta: ta farko 98,000, ta biyu 185,000. Kowa ya ga wannan ya san inda hankali yake. Abin da ya ɓoye don kada ya ɗaga wa Baba hankali shi ne bidiyon ta farko na watan Mayun 2023 ne, na ta biyu kuwa na makon jiya. A Mayun 2023 dala na wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji, a hukumance kuma wajen 460. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wayar dala 130 da ta kama wajen 98,000 a lokacin bidiyon, yanzu lissafinta 195,000 ne. Wato mai arahar ta fi mai tsadar tsada. Ƙari a kan haka, mai sharhin cewa ya yi farashinta "yana farawa daga" nan, ma'ana mai ma'ajiya 128GB, alhali wadda ya ɗaga wa kyamara yana yabo mai 256GB ce. Gwani ya ɗauki fa'idar babbar ya aura mata kuɗin ƙaramar, aka ɗaura aure ba waliyyi.

Da wannan takarda Baba zai biya kuɗin mota zuwa Kano da dubu ɗari a aljihu. Ɗan kasuwa ya faɗi farashi, Baba ya zaro takarda ya ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah, ga abin da aka ce a bidiyo." Ɗan kasuwa mai gaskiya zai ce, "Alhaji, wannan kuɗin bara ne," ya rasa ciniki, a tafi ana zarginsa da cuta. Wanda ba ya tsoron Allah kuwa zai ce akwai, ya shiga ciki ya fito da wadda aka gyara aka sake naɗe kwalinta da leda, a kan 98,000 cif. Kun ga amfanin taƙaitawa: ta kori mai gaskiya ta miƙa tsoho hannun macuci, kuma duk a layi uku.

To, wasa ya ishe haka, domin kuɗin nan gumin damina ne. Ba kallon bidiyon ne laifi ba, kuma yaran nan ba mugaye ba ne, taimako suke nufi. Laifin yana wurin yanke magana daga mai ita. Ɗana mai taƙaitawa, kowane layi ka rubuta, sa masa wanda ya faɗa, da ranar da bidiyon ya fito, da ko sayen wayar ya yi ko ba shi aka yi, da ko gwadawa ya yi ko daga kwali ya karanto. Abin da ba wanda ya gwada, rubuta haka a fili. Farashi kuma kada ka ɗauko shi daga bidiyo ko na jiya ne. Buga wa mai shago biyu ko uku a Fam Santa a ranar, ka faɗi girman ma'ajiyar da kake nufi. Kai kuma Baba, kafin ka hau mota, kai takardar wurin mai gyaran waya ka tambaye shi nawa ne gilashinta, kuma sau nawa aka kawo masa irinta a watan nan.